Ranar Buɗe Takarda Daban, Ranar Biya Daban

 

Sharhinmu na yau a kan wata takarda ce da yawancinmu ba mu taɓa riƙe ta a hannu ba, amma tana cikin farashin kusan duk wani kaya da ya ƙetaro teku ya iso kasuwanninmu. Takardar lamunin banki ce, wadda 'yan kasuwa ke kira elsi. Mai shago a Baure da ke sayar da injin feshi ko batirin sola ko kayan gyaran babur, daga Kano yake sarowa. Wanda ya sayar masa a Kano ya karɓa ne daga hannun babban dila, shi kuma babban dilan ko dai shi ya shigo da kayan daga Sin ko Indiya, ko ya saya wurin wanda ya shigo da su. A can saman wannan jeri ake buɗe elsi. Idan lissafi ya rikice a can, sai ya gangaro har kan teburin mai shagonmu, a ce masa kaya sun tashi, alhali kayan sun fi wata uku a ajiye cikin sito.

Mu fara da yadda abin yake tafiya. Alhaji a Kano yana son kaya daga wani kamfani a Sin. Ba su san juna ba. Alhaji yana tsoron ya tura kuɗi a ƙi loda masa kaya, kamfani yana tsoron ya loda kaya a ƙi biyansa. Sai banki ya shiga tsakani. Alhaji ya je bankinsa da takardar farashin da kamfanin ya aiko, a cike masa Form M, wato takardar da Babban Bankin Najeriya da hukumar kwastan suka wajabta kafin a shigo da kaya, a haɗa da inshora da shaidar ingancin kaya. Daga nan bankin ya rubuta wa kamfanin alkawari ta hannun wani banki na can waje: idan ka loda kaya kaza kafin rana kaza, ka kawo takardu kaza, za a biya ka dala kaza. Wannan alkawari shi ne elsi. Sau da yawa kamfanin ba ya gamsuwa da alkawarin bankin Najeriya shi kaɗai, sai ya nemi wani babban banki a Landan ko Dubai ko New York ya ƙara sa hannu, ya ce ko na Najeriya bai biya ba shi zai biya.

Akwai ƙa'idojin da bankunan duniya suka amince a bi a kan wannan, waɗanda Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta tsara, ana kiransu UCP 600, sun fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 2007. Abu biyu a cikinsu ya kamata kowane mai shigo da kaya ya riƙe. Na farko, banki takardu yake dubawa, ba ya duba kaya. Idan takardar lodin jirgi da rasidin kaya da sauran takardu sun yi daidai da abin da aka rubuta a elsi, dole ya biya, kuma kwana 5 na aikin banki kawai yake da su ya duba ya yanke hukunci. Na biyu, da zarar an buɗe elsi ba a janye ta sai da yardar kamfanin da aka buɗe wa. Ke nan Alhaji ba shi da ikon ya wayi gari ya ce dala ta tashi, ya fasa.

To ga inda maganarmu take. Alkawarin nan da dala aka rubuta shi. Alhaji kuma naira yake da ita, da naira yake sayar da kaya. Dole wata rana a juya nairarsa ta koma dala. Tambayar da ke raba mai riba da mai asara ita ce: wace rana aka juya, kuma a kan nawa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ranar da suka zuba naira a banki aka buɗe elsi, ranar suka biya kuɗin kaya. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Nairar da aka zuba jingina ce, banki ya riƙe ta don ya samu natsuwa. Ba ta zama biya ba sai ranar da bankin ya sayi dala da ita. Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan sarai. Idan ka bar nairarka wurin mai canji a Babban Mutum ka ce ya riƙe maka, za ka dawo ran kasuwa mai zuwa ka karɓi sefa don shiga Magarya, amma ba ku yanke farashi ba, to ranar da ka dawo farashin ranar zai ba ka. Kuɗinka sun kwana a hannunsa, amma ciniki bai faɗa ba. Haka elsi take, sai dai a nan ana maganar miliyoyi, kuma jiran ba na mako guda ba ne.

Jiran ya danganta da irin elsin da aka buɗe. Akwai wadda ake biya da zarar takardu sun iso an duba su. A irin wannan, tsakanin buɗewa da biya bai cika wuce wata ɗaya ko biyu ba. Akwai kuma ta jinkiri, wadda ake ba da kwana 90 ko 180, wani lokaci ma fiye. A wannan ta biyun, sau da yawa bankin waje ne ke biyan kamfanin nan take, sai kuɗin ya zama bashin dala a kan bankin Najeriya, shi kuma ya ɗora shi a kan Alhaji, tare da kuɗin ruwa wanda shi ma da dala ake lissafa shi. 'Yan kasuwa suna son ta jinkiri domin tana ba su dama kaya su iso, a sayar, a tara kuɗi, sannan a biya. Gaskiya tana da wannan amfani. Amma duk tsawon kwanakin nan Alhaji yana ɗauke da bashin da bai san nauyinsa a naira ba.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Kayan da ɗan kasuwar na misali ne, amma farashin dalar da zan ambata shi ne wanda aka gani a wannan ƙasa a 2023 da 2024.

Mu ɗauka wani dila a Kano ya yi odar injin feshi na goyo guda 10,000, irin wanda manomanmu ke feshin wake da riɗi da shi, kowane ɗaya dala 10. Jimla dala 100,000. Ya buɗe elsi ta kwana 180 a watan Fabrairun 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a kasuwar hukuma. Ya zuba wa banki naira miliyan 46. An loda kaya a Maris, wa'adin biya ya kama Satumba. Kaya sun iso Legas, an biya kwastan da dakon tashar jirgi da mota zuwa Kano, mu ce duk wannan ya ci miliyan 14. A littafinsa kayan sun tsaya masa miliyan 60, wato kowane inji naira 6,000. Ya sa farashin sari 7,000. Damina na gabatowa, dilolin Daura da Kazaure da Gumel suka kwashe kayan kafin tsakiyar Yuni. Ya tara miliyan 70, ya rubuta ribar miliyan 10, wataƙila har ya sa ta cikin wata odar.

Ranar 14 ga Yuni, 2023, kwanaki kaɗan bayan an dakatar da Godwin Emefiele daga shugabancin Babban Banki, sai bankin ya sanar da haɗe kasuwannin canji wuri guda, ya ce mai saye da mai sayarwa su daidaita farashi a tsakaninsu. Kafin ƙarshen watan dala ta haura naira 750 a kasuwar hukuma. A Satumba tana wajen 770.

Ranar biya ta zo. Bashin bai ƙaru da ko dala ɗaya ba, yana nan 100,000. Amma yanzu sayen wannan dala yana buƙatar naira miliyan 77. Abin da Alhaji ya ajiye miliyan 46 ne. Sai takarda ta zo daga banki a cika miliyan 31. A ƙara da kuɗin ruwan wata 6 na bankin waje, mu ce dala 4,000, wanda a sabon farashi ya kai wajen miliyan 3. Ku haɗa da ni: miliyan 77 na kaya, miliyan 3 na ruwa, miliyan 14 na kwastan da dako, ya zama miliyan 94. Ya sayar a kan miliyan 70. Ribar miliyan 10 da ya rubuta ta koma asarar miliyan 24. Kowane inji ya tsaya masa naira 9,400, shi kuwa ya rabar a 7,000, kuma kayan sun riga sun shiga gonaki, ba mai dawo masa da su ya sake farashi.

Wani zai ce, ai a wancan lokacin ma dala a Wapa tana wajen 750, wane ɗan kasuwa ne zai yi lissafi da 460? Wannan magana ce mai kyau, kuma a nan ne aka rabu. Dilan da ya ce shi bai ga dala a hannu ba, don haka da farashin Wapa zai sa wa kayansa kuɗi, ya sayar da injinsa wajen 9,000 ko sama. A lokacin an ce ya cika tsada, wasu masu sari suka guje shi, amma da Satumba ta zo yana da abin biya. Wanda ya dogara da cewa banki zai samo masa ta hukuma, ya karya farashi don ya kwashe kasuwa, shi ne ya shiga uku. Ba zan kira shi wawa ba. Shekara da shekaru tsarin yana aiki haka, an saba a jira a samu, kuma ba wanda ya gaya masa ranar da za a sauya doka.

Abin bai tsaya nan ba. Ba kowa ne ya samu ya biya a Satumba ba, domin ko kana da nairar cikawa, sai banki ya samu dalar saye, ita kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙarshen 2023. Idan wa'adi ya cika ba dala, sai bankin Najeriya ya roƙi na waje a ƙara lokaci, ko ya biya daga dalar da yake da ita ya mayar da abin bashin dala a kan abokin cinikinsa. Ko wanne aka yi, ruwa yana ci gaba da hawa, kuma farashin da za a yi amfani da shi na ranar da aka samu dalar ne. A ƙarshen Disamba dala tana wajen 900. A Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Alhajinmu, in da jiran ya kai shi can, dala 100,000 ta zama naira miliyan 150, ban da ruwan shekara guda. Ya zuba 46, ana binsa sama da 100. Irin wannan ne ke sa a sayar da gida da sito.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ya taɓa. Kamfanin sukari na Dangote, wanda ke shigo da ɗanyen sukari daga Brazil ya tace a Apapa, ya bayyana asarar sama da naira biliyan 70 a 2023, kuma babban dalilin shi ne bashin dala da ya kumbura a naira. Kamfanoni irin su Nestle da MTN su ma sun rufe shekarar 2023 da asara saboda canji. Waɗannan suna da ƙwararrun akantoci da lauyoyi. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A Yunin 2016 an saki naira daga wajen 197, ta tashi zuwa wajen 280 a rana guda, masu elsin da ba a biya ba suka sha irin wannan. Shekara 7 ne kawai tsakani.

Akwai hanyar da aka tanada don kauce wa wannan, wato sayen dala na alkawari, wanda ma'aikatan banki ke kira fowad. Ka yi yarjejeniya yau cewa nan da kwana 90 ko 180 za a ba ka dala kaza a kan farashi kaza, ko ta tashi ko ta sauka. A ka'ida wannan ya rufe ƙofa, domin ka san abin da za ka biya tun kafin ka sa wa kaya kuɗi. Kafin Yunin 2023, dalar da Babban Banki ke sayar wa masu shigo da kaya ta hannun bankuna yawanci ta wannan hanya take zuwa: a ɗebi nairarka yau, a yi maka alkawarin dala nan gaba. Mutane da yawa sun yi haka, suka kwanta da natsuwa cewa sun gama biya.

Abin da ya faru da su shi ne ya fi ci mini rai a wannan labari. Wa'adi ya yi ta cika, Babban Banki bai kawo dalar ba. Alkawuran da suka taru sun kai wajen dala biliyan 7 lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi shugabancin bankin a Satumban 2023. Ya sa kamfanin Deloitte ya bincika, kuma a Fabrairun 2024 ya bayyana cewa kimanin dala biliyan 2.4 daga ciki ba su cika ƙa'ida ba. A Maris na 2024 bankin ya ce ya biya duk waɗanda ya tantance. Waɗanda aka ƙi amincewa da su kuwa, a Agustan 2025 bankin ya sanar cewa an mayar da nairarsu. To ku duba halin wanda aka mayar wa naira. An karɓi kuɗinsa lokacin da dala take ƙasa da 500, an dawo masa da su lokacin da take wajen 1,500, bankin waje kuma yana nan yana bin dalarsa. Ban ce babu masu maguɗi a cikin jerin ba, Babban Banki yana da haƙƙin ya tantance. Amma a ganina duk ɗan kasuwar da ya cike takardunsa daidai, kayansa suka shigo ƙasa, kuskuren kuma ya fito daga wajen cike takardu a banki, bai kamata nauyin ya faɗa kansa shi kaɗai ba. Darasin da ke ciki ga mai shigo da kaya shi ne, alkawarin dala yana da ƙarfi ne gwargwadon wanda ya yi shi, kuma dole ka san abin da takardarka ta ce idan ba a cika ba.

Wannan ya kawo mu ga yadda mutum zai gane matsayinsa. Kafin a buɗe elsi banki yana ba ka takardar sharuɗɗa ka sa hannu. Yawancin mutane shafin kuɗin kwamisho suke dubawa, su wuce sauran. A cikin sauran nan ne ake rubuta cewa duk wani bambancin canji a kan abokin ciniki yake, kuma banki yana da ikon ya ɗebi cikon daga kowane asusunka ba tare da ya sake neman izini ba. Idan ba ka jin Turancin takardar, ka biya lauya ko akanta ya karanta maka, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da ke cikin haɗari ba. Sannan ka tambayi jami'in da ke kula da asusunka kai tsaye: nairar nan da na zuba, an sayi dala da ita ko tana ajiye? Idan ya ce an saya, ka ce ya ba ka shaidar ciniki a rubuce, mai ɗauke da rana da adadin dala da farashi da lambar Form M ɗinka. Idan ya ce kada ka damu Alhaji, muna kan nema, to ka sani har yanzu bashin dala ne a wuyanka. Wata alamar kuma tana cikin bayanin asusu. Idan ka ga an buɗe maka asusun bashi da ake rubuta shi da dala, kuma adadin bai ragu ba, ba a biya komai ba tukuna, ko nawa ne ke kwance a asusun naira.

Sai kuma farashin ranar biyan kansa. Wanda muke ji a labarai da yamma farashin da kasuwa ta rufe a kai ne, ko matsakaicin cinikin ranar. Banki ba dole ne ya sayar maka a kan haka ba. Yana sayar maka ne a kan abin da ya samo dalar, ya ɗora nasa. Bambancin yana iya zama naira 5 ko 10 a kan kowace dala, abin da mutum zai raina. Amma naira 10 sau 100,000 miliyan guda ce. Kana da haƙƙin ka ce a kira ka kafin a yanke, a faɗa maka farashi ka amince, kuma ka kwatanta da abin da Babban Banki ya wallafa na wannan rana. Idan bashin babba ne, ba lallai a biya shi rana guda ba. Ana iya saye kashi-kashi, duk lokacin da ka sayar da wani ɓangare na kaya ka sa a sayi dala da kuɗin a rage bashin. Wanda ya yi haka a misalinmu, ya riƙa turawa tun daga Mayu, ko da banki bai samo masa duka ba, abin da ya samu kafin 14 ga Yuni ya tsira da shi.

Don a yi adalci, canji ba kullum yake cutar da mai jinkiri ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilun 2024 naira ta farfaɗo, dala ta sauko daga wajen 1,600 zuwa ƙasa da 1,200. Wanda ya buɗe elsi a Fabrairu, biyansa ya faɗo tsakiyar Afrilu, ya samu rarar da bai yi zato ba. Wanda kuma ya tsorata ya sayi dalarsa duka a 1,600 ya ga abokin gasarsa yana sayar da kaya ƙasa da shi. Amma ba a kai ƙarshen Mayu ba dala ta sake komawa sama da 1,400. Ba wanda ya san wannan tun da wuri. Shi ya sa nake ganin ɗan kasuwar da sana'arsa injin feshi ce, ribarsa ta fito daga injin feshi. Idan ya bar bashin dala a buɗe da fatan za ta sauka, ya shiga wata sana'a dabam wadda bai koya ba, kuma abin da zai iya rasawa a cikinta ya ninka ribar kayan sau da yawa.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a warware. Kwastan ma da farashin dala take lissafin haraji, kuma nata farashin ya yi ta sauyawa: daga wajen naira 422 kafin Yunin 2023, zuwa wajen 770 a Yuli, zuwa sama da 1,300 a farkon Fabrairun 2024. Koke ya yi yawa, sai Babban Banki ya ba da umarni a ƙarshen Fabrairun 2024 cewa a lissafa haraji da farashin ranar da aka buɗe Form M. Wasu suka fahimci cewa an daskarar da farashin dala ke nan ga duk wanda ya buɗe takarda. Ba haka ba ne. Umarnin a kan harajin kwastan kawai yake, bai taɓa bashin da ke tsakaninka da banki ba. Kaya ɗaya suna iya haɗuwa da farashin dala uku: na ranar buɗewa wanda aka auna jinginarka da shi, na kwastan, da na ranar biya. Na ƙarshen shi ne mai nauyi, kuma shi ne ke zuwa bayan an sayar da kaya.

Na san da yawa daga cikin masu sauraronmu ba sa son hulɗar da ke da kuɗin ruwa, kuma yanzu akwai bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna buɗe elsi. Amma rashin ruwa bai kawar da maganar canji ba. Idan bankin wakilinka ne kawai, kai ke da kaya shi yana biya a madadinka, bambancin canji yana nan a kanka. Idan kuma murabaha aka yi, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka da riba sananniya, to ka tabbatar a wane kuɗi aka rubuta farashin sayarwar, kuma a wace rana aka yanke shi. Idan an rubuta naira kaza, an sa hannu, ka san inda ka tsaya. Idan an bar shi sai ranar da aka samu dala, tambayoyin da na lissafa a baya duk suna nan, sai ka yi su.

Mai shago a Baure ba zai buɗe elsi ba, amma abin yana zuwa masa ta hanya biyu. Ta farko, idan dila a Kano ya ba ka kaya bashi ya ce farashi sai an gani, ka gane cewa wataƙila shi ma bai san nawa kayan suka tsaya masa ba, yana so ne ya raba haɗarin da kai. Kada ka ɗauki kaya sai an yanke farashi an rubuta, ko da ya ɗan fi tsada, domin kai za ka sayar wa manomi a kan kuɗi sananne, wani ma sai kaka zai biya ka. Ta biyu, idan wani ya zo yana tara kuɗin jama'a, kowa ya kawo miliyan 2 ko 3 a haɗa a yi odar kwantena, kamar yadda matasanmu suka fara yi, ku tambaye shi tun kafin ku ba da ko sisi: ta wace hanya za a biya kamfanin, yaushe za a sayi dalar, kuma idan banki ya nemi ciko wa zai biya? A rubuta amsar, shaidu su sa hannu. Idan ta jinkiri za a buɗe, a amince tun farko cewa ba za a raba riba ba sai banki ya ba da takardar cewa an biya dalar duka an rufe elsin, kuma kuɗin da aka tara daga sayar da kaya a riƙa sayen dala da su ana rage bashin maimakon a juya su cikin wata odar.